A Auna Hanya Kafin a Sayi Kayan Ɗaki

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Karin maganar gaskiya ce a wurin hatsi da goro, sai dai ban yarda da ita ba a wurin ƙofa. Shekara sama da 30 ina sayar da yadi a nan Sabo ta Ibadan, tef ba ya rabuwa da wuyana, amma har yau in aka nuna mini ƙofa aka ce in faɗi faɗinta da ido, ba zan amsa ba sai na ɗora awo. Bambancin inci 2 ido ba ya ganinsa, alhali inci 2 ɗin nan shi ne tsakanin wadirob ya shiga ɗaki da ya kwana a waje.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne kayan ɗakin amare. Da yake nakan ɗaura aure a unguwa, in wata rigima ta taso ranar jere sau da yawa ni ake turo wa yaro ya kira. Rigimar kuwa kusan iri ɗaya ce. Uba ya yi shekaru yana tari, ya aika Kano ko Kaduna an haɗa wa 'yarsa gado da wadirob da madubi da kujeru, mota ta kwana biyu a hanya ta sauke su lafiya, sai ga shi sun ƙi shiga. Kafintan da ya yi su yana Arewa, ba ya karɓar kaya in sun fita, ko da ma zai karɓa wa zai biya kuɗin motar komawa?

Laifin ba na kafinta ba ne. Shi ya saba yi wa gidajen Arewa aiki, inda akwai tsakar gida mai faɗi, a sauke kaya a fili, a saita su da bakin ƙofa a tura kai tsaye. Mu kuwa a nan Kurmi yawancinmu gidan haya muke, irin mai ɗakuna suna kallon juna, da siririyar hanya a tsakiya wadda muke kira fasej. Wasu kuma a saman bene. Saboda haka abin da nake so 'yan uwa su riƙe guda ɗaya ne: awon ɗaki kaɗai bai isa ba. Kaya ba daga sama za su faɗo cikin ɗaki ba, hanya za su bi, tun daga bakin titi har inda za a jingina su. Wuri mafi matsi a wannan hanya shi ke da hukunci a kan abin da za ka saya.

Mu fara da tef ɗin kansa. Kada a ari na tela. Tsawonsa inci 60 ne kawai, yana lanƙwasa, in ya tsufa kuma yana miƙewa. A nemi na ƙarfe irin na magina, mai mita 5, wato ƙafa 16 da ɗan kai. Tef ɗin yana da lambobi layi biyu, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, kuma duk lambar da aka rubuta a rubuta sunanta a gefe. Ƙofa mai inci 32 ita ce mai santimita 81. In ka ce wa kafinta a waya "tamanin da ɗaya" ka yi shiru, Allah kaɗai ya san abin da ya fahimta. Kafintocinmu da ƙafa da inci suke aiki, ƙafa ɗaya inci 12. Kayan waje kuwa da santimita suke zuwa, sai a raba lambar da biyu da rabi a sami kusan incinta. Taƙi da kamu da taku a bar su, hannun kowa da girmansa.

Sai ƙofa. Magini zai ce maka ƙofar ɗaki ƙafa 3 ce a ƙafa 7. Gaskiyarsa, amma wannan ramin da ya bari a jikin bango ne kafin a sa firam. Firam ya ci nasa dama da hagu da sama. Ƙyauren ma in an buɗe shi kaurinsa yana tsaye a bakin ƙofar, ga mariƙi ya turo kai. Don haka a buɗe ƙyauren iyakar buɗuwarsa, a auna daga jikinsa zuwa firam na ɗaya gefen. Ƙofar da ake kira mai inci 36 sau da yawa 31 ko 32 za ka samu. A auna sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, domin tsofaffin gidajen unguwar nan firam ɗinsu ya sha damina ya karkace. Tsayi kuma daga kan dokin ƙofa ake farawa, ba daga daɓen ɗaki ba, musamman gidajen da aka ɗaga bakin ƙofa saboda ruwa. In ƙyauren mai hinji ne da ake kwancewa, cire shi yakan ƙara inci ɗaya da rabi ko 2. Ƙofar ƙarfe da aka yi wa walda kuwa sai da mai walda, kuma sai da izinin mai gida.

Amma ba ƙofa ce ta fi kayar da mutane ba. Kwana ce. Bari in ba da labarin wani jere da aka kira ni, domin na auna komai da hannuna a ranar, lambobin suna nan a littafina.

Wadirob ne mai ƙofa huɗu, faɗinsa inci 72, tsayinsa 84, kaurinsa daga gaba zuwa baya 24. Uban yarinyar mutum ne mai lura, ya sa an auna ɗakin kafin ya ba da aiki, ƙafa 10 a ƙafa 12, ya kuma tambayi faɗin ƙofa aka ce masa 32. Ya lissafa cewa abu mai kauri 24 zai wuce ta 32 har da rara. Lissafinsa daidai ne, sai dai bai cika ba.

Tsayin ƙofar inci 80 ne, wadirob 84, ke nan ba zai shiga a tsaye ba. 'Yan dako suka kwantar da shi a gefensa, ya zama tsawonsa 84, tsayinsa 72. A haka ya wuce ƙofar shiga gida lami lafiya, tunda miƙewa kawai ake yi daga titi. Da aka zo ƙofar ɗakin amarya, wadda ke gefen dama, dole a karya kwana. Faɗin fasej ɗin inci 48 ne. Ana sa kansa a bakin ƙofa, gindinsa ya daki bangon da ke baya, gefensa ya ciji firam, ya tsaya cak. Ba gaba ba baya.

Mata 'yan jere sun cika fasej, hadari ya haɗo. Wata gwaggon amarya ta dube ni ta ce, "Malam, ai an ce an auna!"

Na ce, "Hajiya, an auna ɗaki da ƙofa, amma ba a auna inda zai juya ba."

Aka kira wani kafinta na kusa, ya ce a yanke gindin wadirob ɗin, inci 5, don ya shiga a tsaye. Na ce masa, "Malam kafinta, a gwada da kwali tukuna." Gaggawa ta hana a saurare ni. Aka yanke, aka tsayar da shi, tsayi ya yi daidai, amma faɗinsa 72 ya sake ƙin juyawa. A fasej mai inci 48 da ƙofa mai 32, abu mai kauri 24 ba zai karya kwana ba in tsawonsa a ƙasa ya wuce ƙafa 5 da 'yan inci kaɗan. Wannan kuwa ƙafa 6 ne cif. Ƙarshenta sai da aka farke shi allo-allo. Da gam da ƙusa aka haɗa shi, don haka kowane allo da aka ɓamɓare sai ya tafi da fatar ɗan uwansa. Madubi ɗaya ya tsage. Allunan da suka rage a waje ruwa ya taɓa su, kuma irin katakon nan ne na zamani da ake matsawa daga garin katako, wanda in ya sha ruwa yake kumbura kamar burodi, ba ya komawa. An haɗa shi a ciki, amma har yau ƙofa biyu ba sa rufuwa daidai. Abin da ya fi asarar katako ciwo shi ne maganganun da suka biyo baya. Dangin amarya suna cewa an kama wa 'yarsu akurki, dangin ango suna cewa an kawo kayan nuna isa. Aure bai kwana ba an fara gaba. Sai da muka zauna sau biyu kafin zukata suka sauka.

Gwajin kwalin da na ambata ba ya cin ko sisi, kuma ya fi kowane lissafi. A sami kwalin firiji ko na taliya a haɗa, a yanka shi daidai da inda kayan za su taka a ƙasa. In a tsaye za a shigar da wadirob, a yanka 72 a 24. In a kwance ne, 84 a 24. Mutum biyu su riƙe shi a shimfiɗe kamar faranti, kada su karkata shi, kada su lanƙwasa, su bi da shi tun daga bakin titi har cikin ɗaki. Duk inda kwali ya tsaya, nan katako zai tsaya. In ma ya wuce da ƙyar yana gogar bango, a ɗauka bai wuce ba, domin masu ɗauka suna bukatar wurin sa hannu. Ni inci 2 nake bari a kowane gefe. Wani lokaci in ƙofar maƙwabci tana saitin taka sosai, buɗe ta yakan ba gindin kayan wurin juyawa. Wannan ma a gwada da kwalin, a kuma roƙi maƙwabcin tun kafin ranar.

Akwai wani tarko bayan an shiga. Abin da aka shigar a kwance sai an tayar da shi, kuma yayin tashi yana bukatar sama fiye da tsayinsa, domin kusurwarsa ce ke fara zagayawa. Abin da za a auna shi ne daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya ɓangaren, a gicciye. Wancan wadirob ɗin, in daga gefensa za a tayar da shi, gicciyen 84 da 72 ya kai kusan inci 111, wato ƙafa 9 da inci 3. Silin mai ƙafa 9 ba zai bari ba. In kuwa aka fara kwantar da shi a bayansa sannan aka ɗaga, gicciyen 84 da 24 bai kai inci 88 ba, zai tashi. Sai dai wannan yana bukatar fili a ƙasa, ƙafa 6 a ƙafa 7, shi ya sa wadirob ake fara shigarwa kafin a kafa gado. A kuma tuna da fankar sama, wadda ke saukowa ƙafa ɗaya ko fiye daga silin. A kwance fukafukanta tukuna.

Masu zama a bene, naku awon ya ƙaru da huɗu. Na farko faɗin matattakala, daga bango zuwa jikin ƙarfen dafawa, a inda ya fi matsewa. Na biyu filin nan na tsakiya inda ake hutawa a juya, zurfinsa da faɗinsa. Na uku tsayin sama a kan wannan fili, domin a nan ake tsayar da kaya kafin a juya su. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, shi ne inda dakalin sama ko bim ya sauko a kan matattakala, wurin da dogon mutum yake sunkuyawa. A ɗora tef daga bakin takin da ke ƙarƙashinsa zuwa jikinsa. A yawancin benayen haya faɗin matattakala bai wuce ƙafa 3 ba, filin juyawar ma haka.

Kujera mai zaman mutum uku ita ce abokiyar gabar bene. Tsawonta yakan kai inci 84, zurfinta 36, tsayin bayanta 34. In ƙafafunta na kwancewa ne, cire su yakan rage inci 3 ko 4, sai ta wuce ƙofa mai 32 a kwance, matuƙar akwai filin miƙewa. Mai zaman mutum biyu kuwa, da tsawonta bai fi inci 60 ba, ana tsayar da ita a kan hannunta ɗaya, a fara shigar da bayanta, a zagaya da mazauninta jikin firam kamar ƙugiya. Mai zaman uku ba ta samun wannan dabara a ƙofa mai tsayi 80. Shi ya sa nake ba mutanen bene da na fasej shawarar su yi biyu-biyu guda biyu da ɗaya-ɗaya, wurin zama bai ragu ba. Katifa ma a tambaya. Ta soso tana lanƙwasuwa a kwana, mai waya a ciki da mai tauri ta masu ciwon baya ba sa yarda, in an tilasta su sun lalace. Wanda kuma yake cewa ai sai a ja da igiya ta baranda, ya fara leƙawa ya ga ko an yi wa barandar ƙarfen tsaro, ya kuma dubi wayoyin wuta da ke gabanta.

Yanzu mu shiga ɗakin. Mu ɗauki mai ƙafa 10 a 12, wato inci 120 a 144, wanda shi ne galibin ɗakunanmu. Gadon da ake kira shida-shida girman katifa ake nufi. Katakon gadon ya fi haka, da allon kai da na gefe yakan kai inci 78 a faɗi, 82 a tsawo, wani ma ya fi. A jingina kansa a bango mai 120, a sa durowar gefe biyu masu inci 18, an ci 114, saura 6. Ta tsawo kuwa, 144 a cire 82 saura 62. A sa wadirob a bangon da ke kallon gado, a cire 24, saura inci 38. A cikin wannan 38 ɗin ƙofar wadirob za ta buɗe ta ci 18, a nan za a wuce, a nan za a shimfiɗa darduma. Ƙyauren ɗaki ma yana son nasa inci 32 ya zagaya. To ina madubi zai zauna, ina akwatuna, ina kwanuka? Nan ne za ka ga an toshe taga da wadirob, ɗaki ya koma duhu da zafi, ga laimar damina tana sa kaya fumfuna. Gado mai ƙafa huɗu da rabi yana mayar wa ɗakin inci 18. Ba ƙasƙanci ba ne, kuma yarinyar da za ta yi shara a ɗakin kullum ita za ta gode.

Hanya mafi sauƙi ita ce a share ɗakin, a ɗauki alli ko gawayi a zana kowane kaya a ƙasa da girmansa na gaskiya, har da zagayen ƙofofi. Sannan a yi tafiya a tsakanin zanen. A lura da taga, da makunnin wuta, da soket, kada allon gado ya rufe su. In ɗakin yana wani gari kuma ba mai tef a kusa, a ƙirga tayil: mai santimita 40 kusan inci 16 ne, mai 60 kusan 24. Wannan na fara magana ne kawai, kada a ba da kuɗi a kansa.

In an gama, a rubuta komai a takarda ɗaya: faɗi da tsayin ƙofar gida, faɗin fasej, faɗi da tsayin ƙofar ɗaki, awo huɗu na bene in akwai, tsawo da faɗi da tsayin ɗaki, da inda taga take. A ɗauki hotonta a tura wa kafinta, a kuma nemi shi ma ya turo awon kowane kaya a rubuce, wajen katako zuwa wajen katako, har da ado da mariƙi. Sannan a yi masa tambaya ɗaya: ana kwance shi? In ya ce da noti da sukurori ne, to a kawo shi a kwance a haɗa a ciki, a kuma ƙulla notocin a leda ɗaya a miƙa wa mutum sananne, kada a watsa su cikin durowa. In da gam da ƙusa zai yi, a ce ya raba wadirob ɗin gida biyu masu inci 36, akwatunan sama kuma daban, yadda kowane yanki ba zai wuce inci 66 a tsaye ba. Wannan zai juya a fasej mai 48 ba tare da ya taɓa bango ba, in an jera su kuma ba mai gane cewa ba guda ba ne. Ga wata riba: mu 'yan haya ne, yau kana nan, gobe mai gida ya ba ka takardar tashi. Kayan da aka shigar da ƙyar da ƙyar za su fita.

Abin da ke hana wannan awo sau da yawa kunya ce. Dangin amarya suna jin nauyin su ce a ba su awon ɗaki, kada a ce suna raina gidan. Dangin ango suna jin nauyin su ce ɗakin ƙarami ne. Shawarata ga iyaye maza ita ce a sa maganar cikin abin da ake tattaunawa ranar sa rana, kamar yadda ake maganar sadaki. A wakilta mutum ɗaya daga kowane ɓangare, su je tare da tef da kwali, rabin awa ya ishe su. Tun ran gini ran zane. Wanda ba shi da tef na ƙarfe ya biyo ta shago bayan la'asar, akwai guda biyu da na ajiye don aro, sharaɗin kawai a dawo da shi. Allah ya sa albarka a abin da aka tara, ya ba yaranmu zaman lafiya a ɗakunansu.